Wai hoton 2012 ne, da rigar Rakuten a ciki

Ku da kuke ta yaɗa hoton ambaliyar nan tun jiya, an rubuta masa "12 ga Agusta, 2012" da jan rubutu, sannunku da aiki. Mutum dubu nawa suka tura, kowa na cewa "Allah sarki, na tuna ranar nan", amma ba wanda ya buɗe hoton ya dubi yaron da ke tsaye a gefen hagu, ruwa iya gwiwa. Rigar Barcelona ce a jikinsa, a ƙirjinta an rubuta Rakuten. Barcelona ta fara sa sunan Rakuten a rigarta ne a kakar 2017/18. A 2012 Qatar Foundation ne a wurin. To ko dai yaron nan ya je 2017 ya sayo riga ya dawo, ko kuma kwanan watan ƙarya ne. Ku zaɓa.

Abin da ya fi kowanne sabunta a cikin hoto shi ne yake yanke hukunci. Tsohon abu ba ya ba da shaida. Zan yi ta maimaita wannan har ku gaji, domin duk gardamar da ake yi a ƙasan hoton nan daga rashin fahimtarsa ta taso.

Wani ya ce ai ga tsohuwar Fijo 504 can a bayan hoton, don haka na da ne. Malam, 504 ta fito a 1968, kuma an ci gaba da haɗa ta a Afirka har bayan shekarar 2000. Volkswagen mai ƙirar kunkuru, sai 2003 aka daina yin ta a Mexico. Mota kuwa tana shekara ashirin, talatin a kan titi bayan an daina ƙera ta. Iyakar abin da 504 ta gaya maka shi ne ba a ɗauki hoton kafin 1968 ba. Mun gode, mun ƙaru. Motar da ya kamata ka duba ita ce farar Corolla da ruwa ya ci rabin tayarta. Fasalin fitilunta da bakinta na ƙirar da aka fara sayarwa a 2013 ne. A nan akwai wurin zamewa: sunan shekarar ƙira ba shi ne ranar fitowa ba, wadda ake kira ƙirar 2014 tun 2013 ta shiga kasuwa, don haka ka bar tazarar shekara guda. Masu cewa ai ana sauya wa tsohuwar mota fitila da bamba ta koma kamar sabuwa, gaskiya ne, amma sai an ƙera fitilar kafin a ɗora ta. Magana ta dawo inda take.

Sai allon shagon da ke bayan yaron. A ƙasansa akwai tambarin Instagram mai launin ruwan hoda da ruwan lemo a cakuɗe. Wannan tambarin a watan Mayu na 2016 aka fito da shi. A 2012 tambarin hoton ƙaramar kyamara ce mai ruwan ƙasa. Allo ya fi mota daɗin aiki saboda kamfanoni suna sanar da ranar da suka sauya tambari: in ka ga X a maimakon tsuntsun Twitter, ka san hoton bai riga Yuli 2023 ba. Amma kada ka juya lissafin. Ganin tsuntsun ba ya nufin an ɗauka kafin 2023, domin mai shago ba zai kira mai fenti ba don kawai wani kamfani ya sauya alama. Alluna da yawa suna ɗauke da tambarin da ya mutu shekara goma da suka wuce.

Jera su yanzu. Corolla ta ce ba kafin 2013 ba, allo ya ce ba kafin Mayu 2016 ba, riga ta ce ba kafin tsakiyar 2017 ba. Ba a ɗaukar tsaka-tsaki, ba a ƙirga ƙuri'a a ce tsofaffin abubuwa sun fi yawa. Mafi kusa ake ɗauka, wato 2017. Ko da akwai tsofaffin abubuwa ɗari a hoton, riga ɗaya ta kayar da su. Sharaɗi ɗaya ne: ka tabbatar rigar ba liƙa ta aka yi ba. Faɗaɗa hoton ka ga ko rubutun yana bin lanƙwasar yadin, ko inuwar yaron ta nufi inda sauran inuwoyi suka nufa. A wannan hoton duka sun daidaita.

Na ga wani ya kawo hujja wai ya bincika, an yi ruwa a garin ranar 12 ga Agusta 2012. Madalla da ya bincika, da gaske nake, ya fi masu turawa ido rufe. Sai dai yanayi ƙaryatawa ya iya, ba ya gaskatawa. A wurin da ake damina a Agusta, kwana nawa ne ba a ruwa? Da rahoton ya nuna mako guda ba ɗigo, da ya rushe labarin. Da ya nuna ruwa, bai ƙara komai ba, domin an yi ruwa a Agustan 2018 ma.

Ga mai son yin abin daidai: filayen jirgin sama suna fitar da rahoton yanayi mai suna METAR duk awa ko duk rabin awa, kuma ana samun tsofaffinsu a shafuka irin su Ogimet. Za ka ga abu kamar haka:

```
121400Z 3000 TSRA
```

Ma'anarsa ranar 12 ga wata, ƙarfe 14:00 agogon UTC, wato agogon GMT, ana hangen mita 3000, ana tsawa da ruwa. `RA` ruwa ne, `HZ` hazo, `CAVOK` kuma gari garau. Kurakurai biyu ake yawan yi. Mutum ya manta agogon UTC ne, bai mayar da shi agogon garin ba, sai ya karanta rahoton wata awa daban. Na biyu, filin jirgin yana iya zama kilomita talatin daga titin da ke hoton, hadari kuwa yana iya zuba a unguwa ɗaya ya bar ta kusa da ita a bushe. Shi ya sa ake duba rahoton yini guda har da na jajibiri, musamman ga ambaliya, da take iya zuwa bayan ruwan ya ɗauke.

Masu cewa "to ai ambaliyar dai ta faru, mene ne na damuwa da shekara", ku yi haƙuri, ba zan tsaya a kanku ba. Wanda ya rubuta 2012 da jan rubutu ya san dalilin da ya sa yake son ta zama 2012.

Kuma don Allah ku daina ɗaukar hoton fuskar waya kuna turawa. Na ga kwafi huɗu na hoton nan, kowanne ya fi na baya dusashewa, a na huɗun rubutun rigar ya zama farin tabo kawai. Wani bawan Allah kuma ya manna sunan shafinsa da manyan baƙaƙe daidai kan allon shagon, har da lambar waya, wai a tuntuɓe shi don talla.