Zakkar fidda kai: a auna ran 29 ga wata, kada a jira safiyar Idi

Bara da safiyar ƙaramar salla, ina hanyar filin Idi, na ga wani yaro a unguwar Jekadafari a Gombe yana sauri da ƙwaryar gero a ka, ya shige gidan wata tsohuwa da ke riƙon jikoki marayu. Zakkar gidansu aka aiko shi ya kai, kuma ya kai kafin liman ya tayar da salla, saboda haka ta fuskar hukunci babu abin cewa. Da yamma na shiga yi mata barka da salla, sai na tarar da geron nan a jingine a bakin ɗaki, ko buɗe shi ba a yi ba. Na ce, "Goggo, ba a taɓa hatsin ba?" Ta ce, "Ɗan nan, wa zai yi mini surfe yau? Mai inji ma ya tafi yawon salla."

Tun ranar nake ganin muna cika harafin wannan ibada muna barin manufarta. Hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito ya faɗi dalilai biyu na wajabta ta: tsarkake mai azumi daga yasasshiyar magana da batsa, da kuma ciyar da miskinai. A cikinsa ne aka ce wanda ya bayar kafin salla, zakka ce karɓaɓɓiya, wanda ya bayar bayanta kuwa sadaka ce kamar sauran sadakoki. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta, wanda ya makara ba ta faɗi a kansa ba, bashi ce sai ya biya, kuma yana da laifi idan ya bari rana ta faɗi ran salla alhali yana da hali. To amma ɗanyen gero da ƙarfe bakwai na safe ba ya zama tuwo da azahar. Sai an surfa, an wanke, an shanya, an kai niƙa.

Mafita tana cikin littattafan da muke karantawa a zaure. Bukhari ya kawo cewa a zamanin sahabbai ana bayar da ita kwana ɗaya ko biyu kafin salla, malaman Malikiyya kuma sun halatta hakan. Gaskiya ne sun fi son a fitar bayan ketowar alfijir kafin a tafi Idi, kuma ba na ja da wannan falala ga mai ba da shinkafa ko garin da za a ɗora a wuta nan take. Mai ba da tsabar gero ko dawa ko masara kuwa, shawarata ya auna ran 29 ga Ramadan. Idan Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata a daren nan, ka riga salla da kwana ɗaya. Idan azumi ya cika 30, ka riga ta da kwana biyu. Ko ta wace hanya kana cikin iyaka, matar da ka bai wa kuma ta samu sukunin kai niƙa.

Akwai kuma kuskuren da ya fi makara ɓoyuwa. Mutum ya auna, ya ɗaure bakin buhu, ya jingine a zaure, ya ce ya fitar. Ware hatsi a gidanka ba bayarwa ba ne, sai ya shiga hannun talakan. Idan ta hannun kwamitin masallaci za ka bayar, tambaye su yaushe suke rabo.

Sai batun awo. Abin da hadisin Ibn Umar ya wajabta shi ne sa'i ɗaya a kan kowane Musulmi, namiji da mace, babba da yaro. Sa'i mudu huɗu ne, amma mudun Annabi (SAW), wato cikin tafin hannu biyu a haɗe na matsakaicin mutum. Ba shi ne mudun da ake awo da shi a kasuwar Tudun Hatsi ba, na kasuwa ya fi shi girma nesa. A nan mutane suke rabuwa biyu: wani ya ji "mudu huɗu" ya lissafa da na kasuwa, kuɗin ya yi masa yawa, ya haƙura gaba ɗaya yana ganin ba shi da hali, wani kuma ya ɗebi gwangwanin madara huɗu ya ce ya gama. Wanda ba shi da mudun awon zakka ya ara a wurin limamin unguwa, ko ya kamfata da hannuwansa biyu sau huɗu, cike ba tare da ƙwauro ba. Masu son sikeli su sani sa'i ma'aunin cika ne, nauyinsa yana sauyawa daga hatsi zuwa hatsi, shi ya sa malamai suke kimanta shi tsakanin kilo biyu da rabi zuwa uku. Kuma daga abincin da ya fi rinjaye a garin ake fitarwa. Ban ga kyawun gidan da ya sha ruwa da shinkafa wata guda ya je ya nemo dawar da ƙwari suka huda don ta fi araha ba.

Wa za a fitar wa? Ƙa'idar gajeriya ce: duk Musulmin da ciyar da shi ya wajaba a kanka. Mu ɗauki wani magidanci a Bolari mai mata biyu da 'ya'ya bakwai a gabansa, ga mahaifiyarsa tsohuwa da ba ta da abin hannu. Shi ɗaya, mata biyu, yara bakwai, tsohuwa ɗaya, kai 11 ke nan, mudun Annabi 44, wajen kilo 28 zuwa 33. Matarsa ko da tana sana'a ta fi shi kuɗi, zakkarta tana kansa. Babbar 'yarsa da ta tare a watan Sha'aban ta fita daga lissafinsa, ta koma na mijinta. Ƙaninsa da ke kwana a shagon ƙofar gida yana tuƙa keke Napep, shi zai fitar wa kansa. Agolan da amarya ta zo da shi, wajibin yana kan mahaifinsa, sai dai in maigidan ya yi don kyautatawa. Cikin da uwargida ke ɗauke da shi bai shiga wajibi ba, amma in ta sauka kafin rana ta faɗi a ranar ƙarshe ta azumi, kai ya zama 12, a ƙara mudu huɗu.

Wanda ake mantawa shi ne ɗan da aka kai karatun allo wani gari. Ba ya gaban idon uba, sai ya faɗi daga lissafi, alhali ciyar da shi bai taɓa sauka daga wuyan uban ba. Almajirin da ke yi maka wanke-wanke kuwa ba kai za ka fitar masa ba, hasali ma yana iya zama cikin masu karɓa, da sharaɗin kada ka mayar da ita ladan aikinsa.

Kan ba da kuɗi, Hanafawa sun yarda, Malik da Shafi'i da Ahmad sun tsaya a kan abinci. Ni ina tare da abinci, amma na fahimci abin da masu cewa kuɗi suke hange, domin hatsi ba ya sayen manja da gishiri. Abin da na yi niyya bana shi ne in kai wa Goggo nata ran 29, mudu huɗu-huɗu cif, sannan in ɗora kuɗin niƙa da na cefane a kai a matsayin sadaka daban.