Kuɗin Haya Amana Ne, Ko Da Katin Yana Aljihunka

A makon jiya aka kira ni sulhu a wani gida a Agege, kuma tun da na fito daga gidan nan raina bai kwanta ba. Ina magana da ku ne, ƙannena magidanta da ke neman abinci a Legas, domin abin da na gani ya zama ruwan dare a tsakaninmu: miji da mata su haɗa kuɗi wuri ɗaya saboda wata bukata, sannan mijin ya riƙa ɗiba ba tare da ya faɗa ba, idan an yi magana ya ce ai kuɗinmu ne.

Maigidan yana sana'ar gwari a kasuwar Mile 12, uwargidan kuma tela ce. Hayar gidansu naira 900,000 ce a shekara, kuma kowa ya san masu gida a Legas kuɗin shekara suke karɓa a dunƙule. Sai suka yi dabara mai kyau, suka raba kuɗin gida goma sha biyu, ya kama 75,000 a wata, shi yana zuba 50,000, ita kuma ta ɗauki 25,000 don ta rage masa nauyi. Suka buɗe asusun haɗin gwiwa a banki da sunayensu biyu. Bayan wata goma ya kamata a tarar da 750,000, amma da ta nemi a duba, 210,000 aka samu. Ya cire 300,000 ya ƙara a lodin tumatir, mota ta lalace a hanya, kaya suka ruɓe kafin su iso. Ya tura 150,000 gida gudummawar bikin ƙaninsa. Sauran 90,000 kuwa a wurin masu POS suka tafi, yau dubu biyar, gobe dubu uku, har shi kansa ya kasa faɗin abin da ya saya da su. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Yanzu saura wata biyu haya ta ƙare, ga shi ba a fafe gora ranar tafiya.

Asarar tumatir ba ta ba ni haushi ba, domin kasuwa ta gaji riba da faɗuwa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, a cikin wata goman nan ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce mata zan taɓa kuɗin nan ba, alhali 250,000 daga ciki guminta ne, na ɗinkin da take yi har tsakar dare da fitilar caji. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce shi ne maigida. To, girman maigida ai da ciyarwa ya zo, kamar yadda aya ta 34 a Suratun Nisa'i ta nuna, kuma ci da sha da tufa da muhalli duk a wuyansa suke. Abin da mace ta samu da sana'arta nata ne, kuma aya ta 4 a surar ta ɗora halaccin cin wani abu daga sadakinta a kan ta bayar da daɗin ranta. Macen da ta ɗauki sulusin hayar da ba ta wajaba a kanta ba ta yi alheri, kuma don haya ta bayar. Wanda ya karkatar da kuɗin zuwa biki bai nemi yardarta ba, ya ci amana, ko da kuwa sunansa ne a kan katin.

Da yawanmu muna buɗe irin wannan asusu ba mu karanta takardar da muka sa wa hannu ba. Bayan an karɓi BVN da NIN na kowa, akwai wurin da ake zaɓar wanda zai iya cire kuɗi: ko dai kowane ɗaya shi kaɗai, ko kuma sai da sa hannun duka biyun. Na farko ya fi sauƙi, akan ba da kati, amma mutum ɗaya zai iya kwashe komai cikin minti ɗaya, kuma banki ba zai tuhume shi ba tunda haka aka rubuta. Na biyu yana da wahala, domin galibi sai an je reshe, amma wahalar nan ita ce katangar da kuɗin haya ke bukata. Mutanen nan na farko suka zaɓa, kati yana aljihunsa, alat kuma wayarsa kaɗai yake shiga. Duk matar da ke zuba kuɗi a asusun da ba ta ganin alat ɗinsa, a makance take zubawa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ni a ganina, kowa ya riƙe asusunsa da jarinsa daban, a ware tukunya ɗaya tak ta haya da kuɗin makaranta, wadda ba a taɓawa sai da sanin juna. Akwai ma dalilin gado. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, tumunin takaba kawai matar take da shi, wato kashi ɗaya cikin takwas, to idan kuɗinta ya cakuɗe da nasa ba rubutu ba shaida, da wane baki za ta gaya wa danginsa cewa sulusin abin da ke ciki nata ne? Haka kuma a yanke iyaka tun ana shiri, a ce duk abin da ya haura 10,000, ko gwargwadon ƙarfin gidan, sai an yi shawara, kuma a ƙidaya abin da aka cire a wata gaba ɗaya, domin da dubu uku-uku aka cinye 90,000 a gidan da nake ba ku labari.

Ban ce mata ba su da nasu ba. Akwai wadda ke tsakurar kuɗin cefane ta zuba adashe uku, ko ta yi anko a kowane biki, tun bayan cire tallafin mai a 2023 da komai ya yi tsada ba ta rage ko ɗaya ba. Ga kuma samarin magidanta da ke tura kuɗi cacar ƙwallo ta waya suna cewa sa'a suke gwadawa. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mijin da ya saba ɗiba a ɓoye shi ya koya wa gidansa ɓoye-ɓoye.

Iyayenmu ba su san banki ba, amma sun san haƙƙi. Mahaifiyata tana da awakinta da asusunta na ƙasa, kuma idan damina ta matsa mahaifinmu ya ranci kuɗi a wurinta, a gaban wani babba yake faɗin adadin, da kaka kuma ya sayar da gyaɗa ya biya kafin ya ɗinka riga. Kunya ce babba a ce namiji ya ci kuɗin matarsa. Yau sai ka ga saurayi da babbar waya yana cewa "ara mini" sau goma, bai taɓa mayar da ko sisi ba, kuma ko a jikinsa.

A zaman da muka yi, ya amince cewa 250,000 ɗinta bashi ne a kansa, aka rubuta, ni da wanta muka sa hannu. Ita kuwa ta ce ba za ta ƙara zuba ko kwabo ba sai an je banki an mayar da asusun na sa hannun mutum biyu, an kuma sa lambar wayarta a alat. Har na baro gidan bai ce ya yarda ba, kuma 690,000 ake nema kafin wata biyu.