Kafin ka yanka dogon rubutu zuwa karosal, ka nemo "amma" ɗinsa

Matasanmu da ke haɗa hotunan talla a Agege da Idi-Araba, nan Legas, sun iya manhajar zane ta Canva, ba na musu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar rubutu mai kalma dubu biyu, a mayar da shi karosal, wato jerin fallayen nan da ake ja da yatsa a Instagram, sai a wayi gari launi ya fito, hujjar kuma ta ɓace. Kuma kusan kullum wuri ɗaya take ɓacewa: ƙananan kalmomin nan "saboda", "amma", "don haka" da "sai dai idan". Su ake fara yankewa don a samu fili, alhali su ne ke riƙe da maganar.

Ga abin da na gani da idona. Wani ɗan'uwa ya yi dogon rubutu kan tsadar tumatir a kasuwar Mile 12 da damina. Hujjarsa ita ce: mutane na zargin 'yan kasuwarmu da haɗama, amma asalin matsalar ita ce tumatirin noman rani na wurare irin su Kadawa a Kano yana ƙarewa idan ruwa ya sauka, ga tafiyar kusan kilomita 1,000 a cikin kwandon da ke matse kaya har wasu su ruɓe. Sannan ya yarda cewa dillalai ma na da nasu kason, sai dai ba su ne tushe ba.

Yaron da aka ba aikin ya tsinci jimloli masu zafi kawai. Falle na farko: "Ana zargin 'yan kasuwa da haɗama." Na biyar: "Dillalai na ƙara kuɗi." Tsakaninsu hotunan kwanduna. Wallahi duk wanda ya karanta zai rantse marubucin zaginmu yake yi, shi kuwa kare mu ya zo yi. Ba a ƙara masa ƙarya ko ɗaya ba, "amma" guda aka cire.

Ni dai ga yadda nake yi. Ba na buɗe Canva sai na rubuta hujjar a jimla ɗaya a takarda, da "saboda" da "amma" a cikinta. Idan na kasa, ban fahimci rubutun ba tukuna, sai in koma in sake karantawa. Daga wannan jimlar nake fitar da fallaye, ba daga sakin layin marubuci ba, domin sakin layi uku na iya zama labari ne kawai da ke goyon bayan magana ɗaya.

Na tumatirin, falle takwas ya isa. Na farko ya faɗi matsayar kai tsaye: "Ba haɗama ce ke tsadar da tumatir da damina ba." Na biyu zargin da ake yi, da sunansa na zargi. Uku zuwa biyar dalilai, kowanne da hujja ɗaya tak, kuma kowanne ya fara da kalmar da ke ɗaure shi da na baya. Na shida shi ne inda marubuci ya sassauta: "Gaskiya ne dillalai na ƙara nasu, amma ko babu su kayan sun yi ƙaranci." Bakwai sakamako, takwas inda za a samu cikakken rubutun. Instagram ta ƙara iyaka daga falle 10 zuwa 20 a 2024, sai dai wannan ba dalili ba ne na cika su. Abin da za a zubar shi ne misali na biyu da na uku, da gaisuwa, da tarihin da marubuci ya yi shimfiɗa da shi.

Falle na biyu ku kula da shi sosai. Instagram kan sake nuna karosal ga wanda ya wuce bai ja ba, ta fara masa daga na biyu. Idan zargi ne tsirara a wurin, da shi zai tafi. Haka falle na shida: a Legas ɗin nan mutum zai ɗauki hoton allo ya watsa a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, babu na gaba babu na baya. Shi ya sa sassaucin da amsarsa dole su zauna a falle ɗaya, ko da rubutun zai ɗan yi yawa.

Kafin in saki, nakan miƙa wayar ga wanda bai taɓa ganin asalin rubutun ba, in ce, "Malam, me mutumin nan yake cewa, kuma me ya sa?" Idan ya ba ni matsaya babu dalili, na san na yanke da yawa. Sai kuma in hargitsa fallayen tsakiya in sake karantawa. In har ma'anar ba ta girgiza ba, to jerin maganganu na haɗa, sai in koma takardata in duba wace "saboda" ce ta faɗi a hanya.