Karan ɗori a Turanci: wurin zama ne ke kawo shi

"Na ga an rubuta well-known da karan ɗori, sai kuma na gan shi babu. Wanne ne kuskure?"

Babu kuskure ko ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauka karan ɗorin jikin kalmar ne, alhali wurin da ta zauna a jimla ne ke kawo shi.

A "a well-known writer" kalmomi biyu ne suka haɗu suka zama sifa guda a gaban suna, karan ɗorin ne ke nuna wa mai karatu ya ɗauke su tare. A "a writer who is well known" kuwa, sunan ya riga ya wuce, babu abin da zai rikitar, don haka yawanci akan bar su a rabe.

Inda abin ya fi damuna shi ne inda ma'ana ke sauyawa. "A small-business owner" mai ƙaramar sana'a ne. Cire karan ɗorin, sai wani ya fahimci cewa ɗan kasuwar ne ƙarami.

Amma bayanau mai ƙarewa da "-ly" ba ya karɓar karan ɗori ko a gaban suna: "a highly paid writer".