Idan mai kaya ya ce sun ƙare, kada ka soke odar da hannunka

Makon jiya ƙanwata ta yi odar keken ɗinki a wani dandalin saye da sayarwa, ta biya da kati. Bayan kwana 3 mai kayan ya turo saƙo: ta yi haƙuri, kaya sun ƙare, ta taimaka ta danna wajen sokewa. Na ce mata kul. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ƙarewar kaya ba zunubi ba ne. Mutum na iya tallata kaya ɗaya a wurare biyu, a saya a can kafin lissafi ya sauya a nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora wa mai saye laifin. Manyan dandali suna rubuta dalilin kowace sokewa. Idan mai kaya ya soke don ba shi da kayan, tabo ne a sunansa, in ya yawaita a rage masa daraja. Idan kai ka soke, shi ya fita fes, kai kuma a rubuce ka zama wanda ya fasa ciniki. Ranar da kuɗi ya maƙale, da wane baki za ka ce ba a kawo maka kaya ba?

Ƙanwata ta ƙi, sai mai kayan ya soke da kansa, ya kuma yi mata tayin takardar rangwame da za ta kashe a shagonsa. Wannan ma ta ƙi, kuma ta yi daidai. Kuɗi ta bayar, kuɗi za a mayar mata, ta hanyar da ta biya. Madadin kaya ko jiran sabon zubi zaɓinta ne, ba dole ba. In za ka jira, a rubuta maka rana.

Sai ka duba asusunka da kyau. Wani lokaci riƙe kuɗin kawai aka yi, ba a cire ba, kuma banki kan sake shi da kansa cikin 'yan kwanaki. Nata an cire. Don haka ta nemi lambar shaidar mayarwa, wadda ake kira ARN, domin da ita banki ke bin sawun kuɗin. Da baki kawai "an tura" ba ya isar da komai.

Idan aka yi ta ja maka rai, kai ƙara a dandalin, sannan bankin da ya ba ka kati. Amma akwai wa'adi: a katin Visa yawanci kwana 120 ne, a PayPal, kafar biyan kuɗi ta intanet, kwana 180 daga ranar biya. Wanda ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mai kaya ba shi da wannan kariyar, sai dai hoton talla, rasit da saƙonnin da ya adana. Kuɗin ƙanwata ya dawo a rana ta 8.