Kada muryar ɗalibi ta cinye makin hujja

Malamai 'yan uwana, idan ɗalibi ya tsaya gaban aji ya yi jawabi, mu daina ba shi maki dunƙule. Da zarar yaro ya ɗaga murya, Turancinsa na zuba, sai kunnenmu ya yanke hukunci tun bai kai rabin magana ba. Abin yana damuna ƙwarai, don yaran da suka fi wahalar bincike su ke cutuwa.

Ni takardata gida uku ce, jimla maki 30: iya isar da magana 8, tsari 10, hujja 12. Kuma gidan hujja nake fara cikawa tun ɗalibi yana magana. Duk iƙirarin da ya yi sai in rubuta, in ja layi a ƙarƙashin wanda ya faɗi inda ya samo shi.

A wani aji na babbar sakandare nan Birnin Kebbi, an ba ɗalibai minti biyar-biyar kan bikin kamun kifi na Argungu. Wani yaro ya yi magana ba gargada, idonsa a kan jama'a, bai leƙa takarda ba ko sau ɗaya. Na ba shi 8 cif, ya cancanta. Amma ya fara da tarihi, ya tsallaka yawon buɗe ido, ya sake komowa tarihi, sai tsari ya tashi 6. Hujjarsa kuwa "kowa ya sani" da "masana sun ce". Na tambaye shi, "Wane masani?" Shiru. Ya samu 3, jimla 17.

Yarinyar da ta biyo shi da kyar na bayan aji ke jin ta, yatsunta na murza bakin hijabi. Isar da magana 4, ban ƙara mata don tausayi ba. Sai dai tun farko ta faɗi abu uku da za ta kawo, ta kuma bi su a jere, 8. Ta ce bikin ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ta faɗi inda ta karanta kowanne. Yadda ake shiga kogin Matan Fada da homa da gora kuwa, ta ce daga bakin kakanta masunci ta ji, ta kuma bambanta abin da ya gani da idonsa da wanda aka ba shi labari. Hujja 11, jimla 23.

Da dunƙule aka yi, wallahi yaron ne zai zo na ɗaya.

Ku duba takardunku na zangon da ya wuce. In kun ga duk wanda ya ci isar da magana shi ya ci sauran gida biyun, to abu ɗaya kuka auna sau uku. A jawabi na gaba ku yi wa kowane ɗalibi tambaya guda kafin ya zauna: "A ina ka samo wannan?"