Taƙaita doguwar takarda kashi-kashi: a matakin farko ake yin ɓarnar

Masu amfani da manhajojin AI wajen taƙaita dogayen rahotanni sun fi damuwa da taƙaitawar ƙarshe, ita suke ta gyara wa umarni. Ni kuwa a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ya zube a zagayen farko ba ya dawowa, ko da sau goma aka sake zagayen ƙarshe.

A ɗauka kana da rahoton kwamiti mai shafi 300, kowane shafi kalma 400, jimilla kalma 120,000. Ka yanka shi kashi 40, kowanne kalma 3,000. Ka sa a taƙaita kowane kashi zuwa kalma 300, ka samu 12,000. Sai ka haɗa su takwas-takwas, rukuni biyar ke nan, a matse kowane rukuni zuwa kalma 500. Waɗannan 2,500 ɗin su za a mayar shafi ɗaya da rabi, wajen kalma 600. Wato cikin kowace kalma 200 ta asali, ɗaya ce ta kai gaci. Kuma tun a zagayen farko aka zubar da kashi tara cikin goma.

To me ke zubewa? Galibi sharuɗɗa ne. Rahoto ya ce "an amince da aikin muddin majalisa ta saki kuɗi", taƙaitawa ta farko ta ce "an amince da aikin bisa sharaɗi", ta biyu ta ce "an amince da aikin". Babu matakin da ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri, amma abin da ya iso hannunka ba shi ne a takarda ba.

Akwai wadda ta fi wannan muni. A ce shafi na 40 ya ambaci an ba da kwangilar gina rijiyoyi, shafi na 210 kuma ya ce an soke ta. Na farko yana kashi na 6, na biyu yana kashi na 28, kuma mai taƙaita kashi na 28 bai taɓa ganin na 6 ba. Zancen sokewar layi biyu ne kacal a tsakiyar wani batu, sai ya ɗauke shi ƙaramin abu ya watsar. Ka wayi gari da taƙaitawa mai cewa kwangila na nan daram.

Maganin shi ne kada ka nemi zubin labari a zagayen farko. Ka ce kowane kashi ya fito da abu huɗu: shawarar da aka yanke tare da sharaɗinta, alƙaluma yadda suke ba tare da an ƙara ko an rage musu komai ba, sunaye da kwanan wata, sai duk inda aka soke ko aka sauya wata magana ta baya. Kowanne da lambar shafinsa. Idan wannan ya kai kalma 450 maimakon 300, bar shi, rukuni ne kawai zai ƙaru. A zagayen haɗawa kuma ka faɗa ƙarara cewa in maganganu biyu sun ci karo, a kawo su duka da shafukansu, kada a zaɓi ɗaya.

Wurin yanka ma abin lura ne. Kada ka bi ƙidayar kalma ido rufe, domin wuƙar na iya faɗawa tsakiyar jadawali, kanun ginshiƙai su tafi kashi ɗaya, lambobin su tafi wani, a rasa ko naira ce ko yawan mutane. Yanka a ƙarshen babi ko ƙaramin kai. Inda babi ya yi tsawo dole a raba shi, maimaita kalma 200 na ƙarshen kashin baya a farkon na gaba. Ka kuma liƙa wa kowane kashi layi uku a sama: sunan rahoton, babin da ake ciki, da ma'anar gajerun sunayen da aka fassara tun a gabatarwa.

In takardar da Hausa take, rage girman kashin. Manhajojin nan da gutsattsarin kalma suke ƙidaya, kuma sun fi daddatsa Hausa a kan Turanci, don haka kalma 3,000 tamu ta fi cin wuri. Ka kuma duba rubutun da ka ciro daga PDF kafin ka fara, saboda ƙ, ɗ da ɓ kan rikiɗe su zama wasu alamomi, ko "ƙasa" ta koma "kasa".

Da ka gama, tsamo magana biyar daga taƙaitawar, musamman masu lamba, ka buɗe shafukan da aka ambata. In ɗaya ba ta dace ba, koma kashin da ta fito ka sake shi, sannan ka sake haɗa rukuninsa.